Tsakanin RISC da CISC: yadda amsar jarrabawa mai cin maki take

Akwai tambayar da ba ta cika ɓacewa daga takardar jarrabawar ɗaliban kimiyyar kwamfuta ba, a jami'a ne ko a kwalejin kimiyya da fasaha. Ana cewa ɗalibi ya kwatanta tsarin RISC da na CISC, ya kawo misalan umarni daga kowane ɓangare. Abin da akasari ake rubutawa shi ne a ja layi a tsakiyar takarda, a sa "mai sauƙi" a dama, "mai sarƙaƙiya" a hagu, a biyo da "sauri" da "nawa", a rufe da "arha" da "tsada". Irin wannan amsa tana samun ɗan abin da ta samu, amma ba ta nuna wa malami cewa ɗalibin ya san abin da ke gudana a cikin na'urar ba. A ganina amsa ta gari tana tsayawa ne a kan abu ɗaya: a ɗauki aiki guda, a ba kowane tsari ya yi shi, sannan a ƙirga abin da kowa ya kashe. Wanda ya iya wannan, sauran bayanin zai biyo shi da kansa.

Batun kuma bai tsaya ga ɗalibai ba. Wayar da ke aljihunka, Tecno ce ko Itel ko Samsung, tana aiki ne da furosesa mai tsarin ARM, wanda ɗan gidan RISC ne. Kwamfutar ofis ko ta shagon buga takardu kuwa, mafi yawanci furosesar Intel ko AMD ce a ciki, mai tsarin x86, wanda ya fito daga gidan CISC. Ke nan mutum na iya taɓa gidajen biyu a wuni ɗaya bai sani ba.

Kafin a shiga amsar, akwai abubuwa uku da ya kamata mai karatu ya riƙe. Furosesa ita ce ɗan guntun da ke yin lissafi. Memori shi ne babban ma'ajin da lambobi ke zaune a ciki, kowace lamba da adireshinta, kuma zuwa can yana cin lokaci. Rajista kuwa 'yan ƙananan ma'ajai ne da ke cikin furosesar kanta, ba su da yawa, amma abin da ke cikinsu a hannu yake. Umarni shi ne ƙaramin aikin da furosesa ta san yadda ake yi, kamar ɗauko lamba, haɗa lamba biyu, ko ajiye sakamako. Duk manhajar da ka sani, komai girmanta, jerin irin waɗannan umarni ce.

Amsar takan buɗe da ma'ana, kuma jimla biyu ko uku sun isa. CISC tsari ne da umarni ɗaya zai iya ƙunsar matakai da yawa, ya shiga memori da kansa, ya yi lissafi, ya mayar da sakamako, kuma tsawon umarnin yana bambanta daga wannan zuwa wancan. RISC tsari ne da kowane umarni ke yin ƙaramin aiki ɗaya, tsawonsu ɗaya ne, lissafi yana gudana tsakanin rajistoci kawai, kuma umarnin ɗauko da na ajiyewa ne kaɗai ke da izinin taɓa memori. Wannan doka ta ƙarshe ita ce ƙashin bayan bambancin. Ɗalibin da ya manta da ita ya bar maki mafi tsoka a kan tebur.

Daga nan sai misali, kuma nan ne ya kamata a daɗe. A ce akwai lambobi biyu a memori, A da B, ana so a ƙara B a kan A, sakamakon ya zauna a mazaunin A. Adireshin kowace lamba yana cikin wata rajista tun da farko.

A kan VAX, kwamfutar da kamfanin DEC ya fitar a 1977 wadda ake yawan kafa misali da ita idan ana maganar CISC, umarni ɗaya ne ya gama aikin:

```
ADDL2 (R1), (R2)
```

Ma'anarsa, je adireshin da ke cikin R1 ka ɗauko lamba, je adireshin da ke cikin R2 ka ɗauko wata, haɗa su, mayar da amsar adireshin R2. Duka wannan bayit 3 ne a memori.

A kan x86 na yau, umarni biyu ake buƙata, domin umarnin haɗawa na wannan tsarin bai yarda duka ɓangarorinsa biyu su kasance a memori ba:

```
mov eax, [rsi]
add [rdi], eax
```

Layin farko ya ɗauko B ya sa a rajistar eax. Layi na biyu shi ne mai halin CISC na gaske, don shi kaɗai ya karanta A daga memori, ya ƙara masa abin da ke cikin eax, ya rubuta sakamakon a inda ya ɗauko. Kowane layi bayit 2 ne, jimla bayit 4.

A kan RISC-V, tsarin da aka fara ƙirƙira a Jami'ar California da ke Berkeley a 2010, aikin yana ɗaukar umarni huɗu:

```
lw  a2, 0(a0)
lw  a3, 0(a1)
add a2, a2, a3
sw  a2, 0(a0)
```

Na farko ya ɗauko A zuwa rajistar a2, na biyu ya ɗauko B zuwa a3, na uku ya haɗa su a cikin furosesa ba tare da leƙa memori ba, na huɗu ya mayar da sakamako mazaunin A. Kowane umarni bayit 4 ne, jimla bayit 16.

To, a nan ne amsa mai kyau ke rabuwa da amsar haddace. Ɗalibin da ya haddace zai ce VAX ta yi da umarni ɗaya, RISC-V ta yi da huɗu, ya wuce. Wanda ya fahimta zai tsaya ya ƙirga zirga-zirgar da aka yi zuwa memori don lambobin kansu. A VAX an karanta sau biyu, an rubuta sau ɗaya. A x86 an karanta sau biyu, an rubuta sau ɗaya. A RISC-V ma haka. Babu wanda ya rage ko taki ɗaya. Aikin yana nan yadda yake, abin da ya canza shi ne wanda ya ɗauki nauyin tsara matakan. A CISC, furosesa ce ke karɓar dunƙulallen umarni ta warware shi a cikinta. A RISC, manhajar da ke fassara rubutun mai shirya manhaja zuwa harshen na'ura, wadda ake kira kwamfaila, ita ce ke warware matakan tun kafin a kunna manhajar, furosesa sai ta bi kawai. Idan ɗalibi ya rubuta wannan sakin layi da kalmominsa, malami ya san ba kwafa ya yi ba.

Misali na biyu yana ƙara fito da tazarar, kuma ya dace a kawo shi idan tambayar mai maki da yawa ce. Ana so a kwafe jerin bayit daga wani wuri a memori zuwa wani. A x86 akwai umarni na musamman:

```
rep movsb
```

Bayit 2 ne kacal. Yana duba rajistar rcx ya ga bayit nawa za a kwafa, ya ɗauka daga adireshin da ke rsi, ya ajiye a na rdi, ya ci gaba har ƙidayar ta kai sifiri. A ainihin tsarin RISC-V babu irin wannan, sai an rubuta zagaye:

```
loop: lbu  t0, 0(a1)
      sb   t0, 0(a0)
      addi a1, a1, 1
      addi a0, a0, 1
      addi a2, a2, -1
      bnez a2, loop
```

Ɗauko bayit ɗaya, ajiye shi, matsar da adireshin farko, matsar da na biyu, rage ƙidaya, koma sama idan ba a gama ba. Idan bayit 100 za a kwafa da wannan zagayen, furosesa za ta aiwatar da umarni 600, alhali a x86 umarni ɗaya ne a rubuce. Sai dai umarnin nan ɗaya ba ya ƙarewa a bugu ɗaya. Tsawon lokacinsa ya danganta da yawan abin da za a kwafa, kuma maimaitawar tana gudana ne a ɓoye cikin furosesa.

Mai karatu zai iya tambaya, in dai aikin ɗaya ne, me ya sa aka taɓa gina na'ura irin VAX? Dalilin yana cikin halin da ake ciki a shekarun 1960 da 1970, kuma jimla uku a kansa suna ƙara wa amsa nauyi. Memori a lokacin yana da tsada ƙwarai kuma ba shi da yawa, saboda haka manhajar da ta ci bayit 3 a inda wata za ta ci 16 riba ce ta kuɗi tsabarsu. Mutane da yawa kuma da hannu suke rubuta umarnin na'ura, don haka umarni ɗaya mai yin aiki babba sauƙi ne gare su. Sannan akwai dabarar maikurokod, wadda Maurice Wilkes na Jami'ar Cambridge ya gabatar a 1951, IBM kuma ta yi amfani da ita sosai a jerin System/360 na 1964. Maikurokod wata 'yar manhaja ce da ke zaune a cikin furosesa, tana fassara kowane babban umarni zuwa ƙananan matakai. Da yake ma'ajin da take ciki ya fi babban memori sauri a wancan zamani, ƙara sabon umarni ya zama abu mai araha, aka yi ta ƙarawa. VAX ta kai umarni kimanin 300, har da wanda ake kira POLY, mai warware wani dogon lissafin aljabara shi kaɗai. Masu ƙera waɗannan na'urori ba su kira su CISC ba, daga baya ne masu ra'ayin RISC suka laƙaba musu sunan don su bambanta kansu. Ina ganin adalci ne ɗalibi ya nuna cewa mutanen nan ba kuskure suka yi ba, sun warware matsalar zamaninsu ne.

Abin da ya juya lamarin shi ne aunawa. A tsakiyar shekarun 1970, John Cocke da abokan aikinsa a IBM suka duba irin umarnin da manhajoji ke amfani da su a zahiri, suka ga kwamfaila ba ta cika taɓa manyan umarnin ba, ɗauko da ajiyewa da haɗawa da tsallake ne ke cin mafi yawan lokaci. Daga nan suka gina na'urar gwaji mai suna 801. A 1980 David Patterson da David Ditzel suka wallafa maƙalar da ta yaɗa sunan RISC, inda suka kawo wani misali mai ban mamaki: umarnin INDEX na VAX-11/780 ya fi nawa a kan 'yan sauƙaƙan umarni da ke yin aikin nan ɗaya a kan na'urar nan ɗaya. Patterson ya jagoranci aikin RISC a Berkeley, John Hennessy ya fara aikin MIPS a Stanford a 1981, a Ingila kuma Sophie Wilson da Steve Furber na kamfanin Acorn suka fito da ARM ta farko a 1985. Hennessy da Patterson sun karɓi lambar yabo ta Turing ta shekarar 2017 saboda wannan aiki. Ba sai ɗalibi ya zuba duk sunayen nan ba, biyu da shekararsu sun wadatar, muddin ya faɗi abin da aka gano.

Yanzu ga tambayar da ke zuciyar batun. Ta yaya na'urar da ke buƙatar umarni huɗu za ta riga mai buƙatar ɗaya ko biyu gamawa? Furosesa tana tafiya ne da bugun agogo, kuma kowane umarni na RISC a tsarin da ake koyarwa a aji yana bi ta matakai biyar: a ɗauko shi daga memori, a karanta shi a gane abin da yake nufi, a yi lissafin, a shiga memori idan da buƙata, a rubuta sakamako a rajista. Idan sai umarni ya gama duka biyar kafin na bayansa ya fara, umarninmu huɗu za su ci bugu 20.

Duk wanda ya taɓa ganin leburori suna miƙa bulo hannu da hannu daga ƙasa zuwa saman gini ya san maganin wannan. Ba a jiran bulo na farko ya isa hannun magini kafin a ɗaga na biyu. Da zarar na farko ya bar hannun mutumin ƙasa, na biyu ya shiga, kowa a layin yana riƙe da nasa a lokaci guda. Layin yana tafiya daidai ne saboda bulon girmansu ɗaya, da a ce wani ƙarami ne wani kuma sai mutum biyu sun ɗaga, da an yi ta tsayawa. Haka furosesa ke yi, kuma sunan dabarar a wurin masu fannin faifilayin. Yayin da umarni na farko ke mataki na biyu, na biyu ya shiga mataki na farko. Umarni na farko zai fito a bugu na 5, daga nan kuma kowane bugu sai wani ya fito. Ga yadda ake lissafawa, inda k ke nufin yawan matakai, n kuma yawan umarni:

```
bugu = k + (n - 1)
```

Umarni huɗu a matakai biyar sun zama bugu 8 maimakon 20. Umarni 100 sun zama bugu 104 maimakon 500.

Sai dai a misalinmu akwai wani tarko, kuma ɗalibin da ya gano shi ya cancanci cikakken maki. Umarni na uku, wato add, yana buƙatar lambar da ke a3, alhali umarnin da ke gabansa kai tsaye ne ke ɗauko ta, kuma ba za ta iso ba sai ƙarshen mataki na huɗu na wancan umarnin. Ko da furosesa tana da hanyar miƙa sakamako kai tsaye ba tare da jiran a rubuta shi a rajista ba, dole add ya dakata bugu ɗaya. Jimla ta zama 9, ba 8 ba. Kwamfaila mai kyau takan cike wannan gurbi ta hanyar sako wani umarni da ba ruwansa da a3 a tsakanin su biyun, idan akwai irinsa a kusa. Wannan shi ne abin da ake nufi idan aka ce RISC ta ɗora nauyi a kan kwamfaila, kuma shi ne dalilin da ya sa take da rajistoci da yawa. RISC-V tana da 32, ɗaya daga ciki kullum sifiri ce. Tsohon x86 mai bit 32 yana da 8, sai da AMD ta faɗaɗa tsarin zuwa bit 64 a 2003 suka zama 16. Yawan rajista yana ba kwamfaila damar ta riƙe lambobin da ake yawan amfani da su a hannu, ta rage zuwa memori gaba ɗaya.

Daidaiton tsawo ma yana da amfani na zahiri. A ainihin RISC-V, idan umarni yana adireshi na 1000, na gaba yana 1004, na bayansa 1008, furosesa ta san wannan tun ba ta karanta komai ba. A x86 umarni na iya zama bayit 1, yana iya kaiwa bayit 15, kuma ba a sanin inda na gaba ya fara sai an fara warware na yanzu. Furosesar da ke son karanta umarni huɗu ko shida a bugu ɗaya dole ta kashe wuri da wuta a kan wannan aikin gano iyaka.

Duk wannan bayani yana taruwa a lissafi ɗaya, wanda na fi so in gani a kowace takardar amsa:

```
lokaci = yawan umarni × CPI × tsawon bugu
```

CPI shi ne matsakaicin bugun da umarni ɗaya ke ci. CISC tana ƙoƙarin rage lamba ta farko, ta yarda ta biyu ta hau. RISC ta yarda ta farko ta hau, don ta biyu ta sauko kusa da 1. Bari mu sa lambobi na misali kawai. A ce na'urori biyu duka suna buga agogo sau miliyan 100 a sakan. Wata manhaja ta zama umarni miliyan 1 a na'urar CISC mai CPI 6, wato bugu miliyan 6, sakan 0.06 ke nan. Manhajar nan ɗaya ta zama umarni miliyan 2 a na'urar RISC mai CPI 1.5, wato bugu miliyan 3, sakan 0.03. Mai umarni ninki biyu ta gama a rabin lokaci.

An kuma yi irin wannan awo a kan na'urori na gaske. A 1991 Dileep Bhandarkar da Douglas Clark, injiniyoyin DEC, suka kwatanta VAX 8700 da MIPS M/2000, na'urori biyu da ginin cikinsu ya yi kama da juna. Suka tarar MIPS tana aiwatar da umarni kusan ninki biyu, amma CPI na VAX ya kusa ninka nata sau shida, don haka MIPS ta fi da kusan ninki uku. Abin da ya ƙara wa wannan sakamako ƙarfi shi ne fitowarsa daga gidan da ya ƙera VAX ɗin.

Amma kada ɗalibi ya tsaya nan ya yanke hukunci cewa RISC ta fi sauri a kowane hali, domin lissafin da ya ba ta nasara yana iya juyawa. Koma kan misalin ɗazu, a ce masu na'urar CISC sun samu hanyar sauko da CPI daga 6 zuwa 2. Umarni miliyan 1 sau 2 bugu miliyan 2 ne, sakan 0.02, sai ta wuce gaba. Kusan abin da ya faru ke nan a tarihi. Daga Pentium Pro na 1995, furosesocin Intel suna karɓar umarnin x86 a ƙofa, su sare shi zuwa ƙananan ayyuka masu kama da na RISC, sannan su zuba su a faifilayin. Layinmu na ɗazu, add [rdi], eax, yana tsagewa a ciki zuwa ɗauko lamba, haɗawa, shirya adireshin ajiya, da ajiye sakamako. Wato matakan da kwamfailar RISC-V ta rubuta a fili su ne furosesar x86 ke fitarwa a ɓoye, duk lokacin da umarnin ya zo. Abin da Intel da AMD suka samu da wannan shi ne tsofaffin manhajoji da aka tara tun daga 8086 na 1978 suka ci gaba da aiki, abin da suka biya kuma shi ne wurin da sashen fassarar ke ci a kan guntun da wutar da yake sha.

Ɓangaren RISC ma ya ara daga maƙwabcinsa. Bayit 16 a inda wani ya kashe 4 asara ce ta gaske, musamman a ƙananan na'urori masu ƙaramin memori. Saboda haka ARM ta ƙara tsarin Thumb mai umarnin bayit 2 a shekarun 1990, RISC-V kuma tana da nata ƙarin da ake yi wa laƙabi da harafin C. Da wannan ƙarin, umarni huɗun da muka rubuta duka suna da gajeren siffa, sai jimlar ta sauko daga bayit 16 zuwa 8. Farashinsa shi ne tsawon umarni ya daina zama ɗaya tak, ya zama iri biyu, ko da yake bit biyu na farkon umarnin sun isa su faɗi wane iri ne, abin da ya fi na x86 sauƙi nesa ba kusa ba.

Akwai kurakurai da ke yawan cin makin ɗalibai a wannan tambaya, kuma wanda ya fi damuna shi ne cewa RISC tana nufin umarni kaɗan ne a jerin. Gaskiya ne tushen RISC-V yana da umarni kimanin 40, amma ARM ta yau mai bit 64 tana da ɗaruruwa, kuma ba ta fita daga gidan ba. A ɗaya gefen, tsohuwar PDP-8 ta DEC tana da umarni na asali 8 kacal, kuma ba wanda ke kiranta RISC, don umarninta na lissafi suna shiga memori kai tsaye. Abin da aka rage shi ne nauyin aikin da ke kan umarni ɗaya. Wanda ya fahimci haka ba zai ruɗe ba idan malami ya ba shi umarnin da bai taɓa gani ba ya ce ya faɗi gidansa. Zai duba ne ko umarnin yana haɗa lissafi da shiga memori a lokaci guda, da kuma ko tsawonsa ƙayyadadde ne.

Wani kuskuren shi ne cewa RISC ta ƙananan na'urori ce, CISC ta manya. Wayoyi dai ARM ce ta mamaye su, amma tun 2020 Apple ta fara mayar da kwamfutocinta na Mac kan guntun M1 mai tsarin ARM, kuma Fugaku ta Japan, wadda ta zama kwamfuta mafi sauri a duniya a shekarar nan, furosesocin ARM ne a cikinta. Shan wuta da sauri a yau sun fi dogara da yadda aka ƙera guntun da abin da aka nufa da shi, fiye da gidan da jerin umarninsa ya fito.

Na ƙarshe ya shafi misalin kansa. Akwai wani umarni da ke yawo a takardun karatu na ɗalibai, MULT 2:3, 5:2, wanda ake cewa yana ninka lambobi biyu da ke memori kai tsaye. An ƙirƙire shi ne don koyarwa, ba na wata furosesa ta gaske ba ne. Babu laifi a kawo shi idan malami da shi ya koyar, amma a rubuta a gefensa cewa misali ne na kwatance, kada a jingina shi ga Intel, domin umarnin ninkawa na x86 yana ajiye sakamakonsa a rajista ne, ba a memori ba. Ɗalibin da ke son misalin gaske na lissafi daga memori zuwa memori, layin VAX da muka fara da shi yana nan, kuma idan ya sa shi gefe da layuka huɗu na RISC-V, ya rubuta bayit 3 da 16 a ƙarƙashinsu, ya ƙara karatu biyu da rubutu ɗaya a kowane ɓangare, ya samu abin da zai gina sauran shafin a kai.